Katan Uku Ko Arba'in Da Uku? Nema Da Tacewa A Jadawalin Kayan Shago

Mu ɗauka shagon sari ne na kayan masarufi, irin waɗanda suka cika Kasuwar Singa a Kano, kuma maigida ya daina rubutu a littafi ya koma kwamfuta. A cikin Excel ya buɗe shafi mai suna `Kaya`, layi wajen ɗari huɗu. Ginshiƙin A lambar kaya ce, B suna, C dilan da ya kawo, D yawan katan da ya rage, E kuma farashin sayarwa. Duk lokacin da mota ta sauke kaya sai a ƙara sabon layi a ƙasa.

Mai saye ya zo yana son taliya katan ashirin, lambarta T104. Hanya biyu ce a gaban wanda ke kan kwamfuta: ko ya rubuta fomular nema ta ɗauko masa amsa, ko ya tace jadawalin ya gani da idonsa. Da yawa suna ɗauka aikinsu ɗaya, bambancin kawai wannan ta gwanaye ce waccan ta 'yan koyo. Ba haka ba ne. Tambayoyin da suke amsawa ne suka bambanta.

Fomular da aka fi sani ita ce VLOOKUP. A shafin rasit, idan an buga lambar kaya a akwatin A2, ana rubuta:

```
=VLOOKUP(A2,Kaya!$A$2:$E$400,5,FALSE)
```

Ana ce mata ne ta ɗauki abin da ke A2, ta bi ginshiƙin farko na jadawalin daga sama zuwa ƙasa, in ta same shi ta kawo abin da ke ginshiƙi na biyar, wato farashi. Alamar dala tana ɗaure jadawalin don kada ya zame idan an ja fomular zuwa layukan ƙasa. Wannan FALSE na ƙarshe kuwa shi ke cewa sai lambar da ta yi daidai cif. Wanda ya bar shi, Excel zai ɗauka "na kusa" ake nufi, kuma a jadawalin da ba a jera bisa tsari ba yana iya kawo farashin sukari a madadin na taliya ba tare da ko gargaɗi ba.

Amfaninta a fili yake. Sau ɗaya ake rubuta ta, daga nan duk lambar da aka buga farashi ya fito, in maigida ya canza farashi a shafin `Kaya` rasit ya bi shi nan take. Babu wanda zai zauna yana tace jadawali sau talatin don rasit mai layi talatin.

Sai dai tana da hali guda da ya kamata kowa ya sani. Kamar yaron shago take, wanda aka aika sito ya ɗauko katan ɗin farko da ya ci karo da shi bakin ƙofa, bai ko leƙa ciki ba. Da zarar ta sami lambar sau ɗaya, ta tsaya. A jadawalinmu T104 ta fito sau biyu. A layi na 12 tsohon kaya ne, saura katan 3, farashi naira 14,000. A layi na 230 sabon sauki ne, katan 40, naira 15,500. Fomular za ta kawo 14,000, kuma in an tambaye ta yawa za ta ce uku. Ko dai a ce wa mai saye babu katan ashirin alhali sito cike yake, ko a sayar masa a tsohon farashi, naira 1,500 a kan kowane katan, dubu talatin ke nan sun tafi. Abin takaicin shi ne allo ba zai nuna wata alamar kuskure ba, domin a wajenta ta yi aikinta. Ƙanwarta XLOOKUP, wadda ke cikin Excel 2021 da Microsoft 365, ta gyara abubuwa da dama: tana neman daidai cif ba sai an ce mata ba, tana iya duba hagu, ana ma iya sa ta faro daga ƙasa ta kawo sabon farashi. Amma ita ma layi guda take kawowa.

Nan ne tacewa ta fi. A danna cikin jadawalin, a latsa Ctrl+Shift+L, ƙananan kibiyoyi su bayyana a kan kowane ginshiƙi. A buɗe ta A, a zaɓi T104 kaɗai. Sauran layuka su ɓuya, layi na 12 da na 230 su tsaya kusa da juna, da dilolinsu da farashinsu. Duk tambayar da ta fara da "waɗanne" ta tacewa ce: waɗanne kaya ne suka rage ƙasa da katan biyar, waɗanne ne dila kaza ya kawo.

Ita ma da nata tarkon. Layukan ɓoyewa suka yi, ba gogewa ba, don haka SUM tana haɗawa har da waɗanda ba a gani. Mai son jimillar abin da ke gabansa kaɗai sai ya rubuta:

```
=SUBTOTAL(9,D2:D400)
```

Wannan ce za ta ba shi 43. Tacewa kuma ba ta sabunta kanta. In an gyara wani adadi sai an sake ta. Ga mantuwa: wani ya tace da safe ya tafi sallah, wanda ya gaje shi ya rantse an goge rabin kaya. Idan lambobin layi a gefen hagu sun koma shuɗi suna tsallake, daga 12 sai 230, tacewa ce ke kunne.

A ganina, kafin a amince wa kowace fomular nema, a fara tambayar jadawalin sau nawa lambar ta fito:

```
=COUNTIF(Kaya!A:A,A2)
```

In ta ce 1, VLOOKUP ta isa. In ta ce 2 ko fiye, amsarta rabin labari ce. In jimillar katan ake so, `=SUMIF(Kaya!A:A,A2,Kaya!D:D)` za ta tara duka ta kawo 43. In layukan ake son gani, kuma a riƙa sabunta su da kansu, sababbin Excel da Google Sheets suna da fomular FILTER:

```
=FILTER(Kaya!A2:E400,Kaya!A2:A400=A2)
```

Tana zubo duk layukan da suka dace, amma tana buƙatar fili a ƙasanta. In wani rubutu ya tare wurin, Excel zai nuna #SPILL!. A tsofaffin kwamfutoci masu Excel 2016 ko 2019 babu ita.

In kuwa COUNTIF ta ce sifili alhali ga kayan nan kana kallo, kuma VLOOKUP na nuna #N/A, yawanci wani ne ya buga lambar da tazara a bayanta, wadda ido ba ya gani. TRIM tana share irin wannan.

Shagon da ke ƙara layi a kowane sauki ya fi samun sauƙi in ya raba shafi biyu. Ɗaya na farashi, kowace lamba layi guda tak, nan fomular nema za ta riƙa duba. Ɗayan na shigowar kaya, inda T104 za ta iya fitowa sau goma, a tace shi ko a tara shi da SUMIF.