Abin da ke juya lamba a tsakiyar layin Larabci

Mai fassara ya gama mayar da tallar waya daga Turanci zuwa Larabci, nahawu daidai, kalmomi daidai. Da aka buɗe rubutun a kwamfutar ma'aikatar ɗab'i, sai ga lambar wayar kamfanin ta hargitse: abin da aka buga 012 345 6789 ya fito 6789 345 012. Ba wanda ya taɓa ta, kuma ba ƙwayar cutar kwamfuta ba ce. Na'urar ta bi ƙa'idar da aka gindaya mata ne sau da ƙafa.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san Larabci daga dama yake tashi ya nufi hagu. Lambobinsa kuwa ba haka suke ba. Ko da alƙaluman da ake amfani da su a Masar da Sudan aka rubuta, ko da irin na boko da Maroko da Aljeriya suka fi amfani da su, shekarar 1960 tana fitowa da ɗaya a hagu, sifili a dama. Ke nan layi ɗaya yana ɗauke da tafiya biyu tun kafin sunan kamfani irin Samsung ko gajeren suna irin USB ya shigo.

Kwamfuta tana ajiye haruffa bisa jerin da aka buga su, na farko sannan na biyu, ba ruwanta da dama ko hagu. Sai an zo nunawa a allo take jera su, bisa ƙa'idar da ƙungiyar Unicode ta shimfiɗa a takardarta mai suna UAX #9. Ƙa'idar ta kasa alamomi gida uku. Haruffan Larabci da na boko masu ƙarfi ne, kowanne ya san inda ya dosa. Lambobi masu rauni ne, harafin da ya gabace su yana da ta cewa a kansu. Sai 'yan ba-ruwanmu, wato tazara tsakanin kalmomi da yawancin alamomin rubutu, waɗanda ke duba maƙwabtansu na gaba da na baya. In maƙwabtan biyu sun dosa wuri ɗaya, su bi su. In sun saɓa, su bi alƙiblar sakin layin gaba ɗaya. Kusan duk rikicin daga waɗannan 'yan ba-ruwanmu yake tasowa.

A lambar wayar nan, kowane rukuni ya fito daidai a karan kansa. Tazarar da ke tsakaninsu ce ta bi Larabci, sai aka ɗauki rukunan uku tamkar kalmomi uku, aka jera su daga dama. In da alamar + a gaba, kamar a +234, ita ma takan tsallaka ta koma 234+.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne wanda ido ba ya saurin kamawa. A ɗauki jimlar talla mai kalmomi huɗu, wadda aka buga da wannan jeri: kalmar Larabci mai nufin farashi, sai Samsung, sai 500, sai riyal da Larabci. Ƙa'idar tana cewa lamba ta waiwaya ta nemi harafi mai ƙarfi na ƙarshe kafin ta. A nan harafin boko ta tarar, don haka 500 ta zama ɗaya da Samsung, suka dunƙule suna tafiya daga hagu zuwa dama. Mai karatu da ya taso daga dama zai ga farashi, sai 500, sai Samsung, sannan riyal. Kuɗin ya rabu da lambarsa, kuma mai saye yana iya zaton Samsung 500 sunan samfurin wayar ne. Abin da ya sa ba a ga laifin na'urar ba shi ne wannan ƙa'idar ce take hana iPhone 15 wargajewa a cikin Larabci. Kwamfuta ba ta da hanyar sanin cewa 15 ɓangaren suna ce, 500 kuwa kuɗi ce, sai mai fassara ya faɗa mata.

Haka abin yake da karan ɗori. Idan 10-20 ta biyo bayan kalmar Larabci, 10 ce ke zama a dama, 20 a hagu, kuma Balarabe zai karanta daidai. Idan ta biyo bayan kalmar boko, 10 tana hagu. A takardar magani da ke gauraya sunan ƙwaya da boko da bayani da Larabci, ana iya samun duka biyun a shafi ɗaya, kuma wannan ya isa dalilin da zai sa mai fassara ya rubuta "daga 10 zuwa 20" da kalmomi, ya bar karan ɗorin.

Sunaye masu ƙarewa da alama su ma suna shan wahala. C++ yakan koma ++C, domin alamomin biyu sun tsinci kansu tsakanin boko da Larabci, suka bi sakin layi. Wata matsalar kuma tun daga bakin layi take farawa: manhajoji da yawa suna duba harafi mai ƙarfi na farko don yanke alƙibla. Jimlar Larabci da ta fara da WhatsApp sai a ɗauke ta ta boko, a jingina ta hagu, aya ta koma gefen da ba nata ba. Shi ya sa ƙwararru kan sa kalmar Larabci mai nufin manhaja a gaban sunan.

Gyaran da bai kamata a yi ba shi ne wanda ya fi saurin zuwa zuciya, wato a sake buga lambar a juye har ta yi kyau a ido. Allon zai nuna daidai, amma abin da ke ajiye ya lalace. Wanda ya kwafi lambar zuwa wayarsa zai kira wata dabam, bincike ba zai gano ta ba, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu za ta furta ta a birkice.

Gyara na gaskiya shi ne a killace baƙon. A 2013, fitowa ta 6.3 ta Unicode ta kawo alamomin killacewa da ba a gani: U+2066 tana buɗe shinge mai tafiya daga hagu, U+2069 tana rufe shi. Abin da ke cikin shingen ba ya shafar na waje. In an killace Samsung, 500 za ta tsallake shi ta ga kalmar Larabci, ta tsaya kusa da riyal. A shafin intanet, bayan an sa dir="rtl" a sakin layin, ga yadda ake yi:

```html
<bdi>Samsung</bdi> 500
<span dir="ltr">012 345 6789</span>
```

Ga C++ kuwa, tsohuwar alamar U+200E a bayan + ta ƙarshe ta wadatar.

Akwai gwaji mai sauƙi. A kwafi lambar ita kaɗai, a manna ta a layin boko zalla. Jerin da ya fito shi ne ainihin abin da ke ajiye. In ya fito daidai, nunawa ce ta samu matsala, sai a killace. In ya fito a juye, wani ya riga ya yi gyaran ido, sai a sake buga ta. Sannan a duba aikin a inda zai ƙare, ko PDF ne ko allon waya, domin ba kowace manhaja ce ke mutunta alamomin 2013 ba, wasu tsofaffi ma ɗan akwati suke nunawa a gurbinsu.

Masu buga Hausa da ajami a waya suna cikin wannan hali, domin haruffansu a rukunin na Larabci suke. Sanarwar ɗaurin aure da ajami mai ɗauke da lambar waya a rarrabe za ta juye kamar yadda ta tallar nan ta juye, kuma in babu hanyar killacewa, haɗe lambar ba tare da tazara ba yana hana ta watsewa.