Abin da Sanarwar Neman Direban Kai Kaya Take Ƙunsa

Sanarwar neman direban kai kaya, irin wadda gidajen burodi, masu ruwan leda da dilolin kasuwar Singa a Kano suke mannawa a bango, takan fara ne da lasisi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta kasa lasisin tuƙi aji-aji: ajin A na babur ne, ajin B na ƙaramar motar gida ne, ajin G kuma na tirela. Wanda yake riƙe da ajin A ba zai ja motar rabon burodi da shi ba. Lasisin yana aiki shekara 3 ko 5, don haka ya kamata mai nema ya duba ranar ƙarewarsa tun kafin ya ɗaga waya.

Daga nan sai lokacin aiki. Rabon burodi aikin asuba ne, saboda masu shayi da kantuna suna jiran kaya tun da sassafe, yayin da kai abinci gida-gida yakan kai dare. Sanarwa mai kyau tana faɗin ƙarfe nawa ake farawa da ƙarfe nawa ake tashi. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba wanda ya yi awa 6 ko fiye a rana hutun aƙalla awa ɗaya, da kuma kwana ɗaya a kowane mako.

Batun biya ne ya fi buƙatar natsuwa. Wani wurin albashi ne na wata, wani wurin kuwa ana biya ne bisa yawan kayan da aka kai. A ce an rubuta naira 500 kan kowane saƙo, direba ya kai 15 a rana: ya sami naira 7,500 ke nan. Idan shi zai sayi man naira 3,000, abin da zai kai gida 4,500 ne, kuma ranar da ciniki ya yi sanyi ko babur ya kwana wurin bakanike, kuɗin ya ƙara raguwa. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024 bai shafi masu aikin kamasho ba, haka ma wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Saboda haka sanarwar da ba ta faɗi wa zai sayi mai ba, wa zai yi gyara, wa zai biya kayan da suka lalace a hanya, ta ɓoye rabin zancen.

Waɗannan tambayoyi su ne amfanin lambar wayar da ke ƙasan takardar. Mai kira yakan faɗi sunansa, unguwarsu, ajin lasisinsa da shekarunsa a tuƙi, sannan a sa masa ranar gwaji, galibi a ce ya zo da wanda zai tsaya masa. Duk wanda ya ce a turo kuɗin fom kafin a ga ofis, ko ya nemi lambar sirrin katin banki, ɗan damfara ne. Abin da aka amince a waya kuma a nemi a rubuta shi, domin doka ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da fara aiki.