Rubutunka Ya Zama Haruffan Kwamfuta

Mai kyan rubutu zai iya mayar da hannunsa haruffan da kwamfuta za ta riƙa bugawa. Aikin yana farawa da farar takarda mai layuka da baƙin biro mai kaurin baki. Ka rubuta kowane harafi shi kaɗai, babba da ƙarami, duk zaune kan layi guda. Kada ka manta da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, domin in babu su, kwamfuta za ta aro na wani salon ta cusa a tsakiyar kalma, kamar facin atamfa a jikin shadda.

Sai a ɗauki hoton takardar da na'urar sikana a 600 dpi. Hoton ɗigo-ɗigo ne, in an faɗaɗa shi sai ya dushe, shi ya sa ake buɗe shi a manhajar Inkscape, a danna Trace Bitmap, ta zana gefen kowane harafi da layi. Nan aikin ya fi neman haƙuri. In ƙwayar idon "a" ta toshe, baƙin ya yi yawa, a rage Threshold. Ɗigon datti kuma a goge shi da hannu, amma a ganina kada a gyara harafi har ya rasa karkacewar da ta sa ya zama naka.

Daga nan a ajiye kowanne a matsayin SVG, a shigar da shi gurbinsa a FontForge. Gurbin ƙ shi ne U+0199. A daidaita tazarar hagu da dama, a buga "ƙwanƙwasa" don gwaji: in haruffa suna hawan juna, a ƙara musu fili. Sannan a danna Generate Fonts, a zaɓi TrueType.