Daƙiƙa talatin a bakin makirfo

Idan Sallah ta matso, gidajen rediyon Kano irin su Freedom da Rediyon Kano sukan cika da tallar atamfa da shadda. Mai sauraro yana ji ne a cikin adaidaita sahu ko a bakin murhu, kafin ya ankara an wuce. Amma wanda ya rubuta tallar yana iya shafe rabin yini yana kokawa da kalmomi sittin.

A ɗauki misalin wani mai shago a Kantin Kwari da ya sayi gurbin daƙiƙa talatin. Zai zo da buƙatu cike da baki: a faɗi sunan shago, a lissafa atamfa da leshi da shadda da yadi, a yi kwatance, a karanta lambar waya biyu, a kuma gaishe da abokan ciniki. Aikin farko na marubuci shi ne ya fahimtar da shi cewa talatin ɗin ba duka na magana ba ne. Daƙiƙa biyu na farko na kiɗa ne, don kunne ya juyo. Uku na ƙarshe ma na kiɗa ne. Abin da ya rage wa murya ashirin da biyar ne, kuma mai karatu cikin natsuwa ba ya wuce kalma biyu zuwa biyu da rabi a daƙiƙa. Ke nan kalma hamsin zuwa sittin.

A nan ne lambar waya take cin amana. Lambar wayar hannu a Najeriya alƙaluma 11 ce, kuma in za a karanta ta da Hausa, "sifili, takwas, sifili, uku", yadda mutum zai iya riƙewa, sai ta lashe daƙiƙa shida ko fiye. Lamba biyu sun cinye rabin tallar. Ga mai shago a Kwari, sunan layi da lambar shago sun fi amfani, domin direban da ke tuƙi ba shi da biro a hannu.

A takarda, ana sa lokaci da umarni a hagu, magana a dama:

0–2, KIƊA: kalangu da ƙarfi, sannan a sassauta shi ƙarƙashin murya.
2–8, MACE, cikin damuwa: Maigida, Sallah saura sati biyu, har yanzu ba a kai wa tela ɗinkin yara ba!
8–12, NAMIJI, da natsuwa: Kwantar da hankalinki, gobe da sassafe sai Kwari.
12–14, SAUTI: hayaniyar kasuwa.
14–27, MAI SANARWA, da fara'a: Shagon Wane! Atamfa, shadda da leshi, sari ko ɗai-ɗai, a farashi mai sauƙi. Ku zo Kantin Kwari, layi kaza, shago mai lamba kaza. Shagon Wane, sai kun zo!
27–30, KIƊA: a ɗaga, a rufe.

Maganar duka kalma hamsin ce da 'yan kai, kuma sunan shagon ya fito sau biyu.

Kiɗan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin murya yana da nasa sharaɗin. Bai kamata ya zo da waƙa ba, don kunne ba ya bin baki biyu a lokaci guda. Shi kansa kalangu yana buƙatar hattara: ganga ce mai kwaikwayon hawa da saukar muryar Bahaushe, in aka bar shi da ƙarfi sai ya riƙa gardama da mai magana. Shi ya sa ake rubuta wa injiniyan sauti daidai inda zai sassauta da inda zai ɗaga. Gwajin da ya fi dacewa shi ne a saurari tallar a ƙaramar rediyo ko lasifikar waya. In sunan shago ya nutse a can, kiɗan ya yi yawa, komai daɗinsa a situdiyo.

Umarnin murya ma ba ado ba ne. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo kamarsu ɗaya a takarda. Marubuci mai lura yakan sa ɗan bayani a gefen irin wannan kalma, ya ja layi ƙarƙashin wadda za a ƙarfafa, ya kuma nuna inda za a ja numfashi.

Daga nan sai agogo. Ana karantawa da babbar murya, ba a zuci ba, domin karatun zuci ya fi sauri. In ya kai daƙiƙa talatin da uku, sai a goge kalmomi, kada a ce wa mai karatu ya ƙara gudu. Gaisuwa ce takan fara tafiya, sai "farashi mai sauƙi". Tallar da ta zarce lokacinta wutsiyarta ake datsewa, kuma a wutsiyar ne kwatancen shago yake.