Madaurin Agogo: Fata, Roba ko Ƙarfe?

Yawancin agogunan hannu ba sa mutuwa, faɗuwa suke yi. Madauri ya tsage kusa da hujin da aka saba sa wa ƙugiya, mai shi ya ce gobe zai canza, wata rana kuma sai ya duba hannu ya ga wayam.

Kafin ka je wurin mai gyaran agogo, ɗauki rula ka auna tazarar da ke tsakanin ƙahonni biyun da ke riƙe madaurin. Na maza galibi milimita 18 ne, ko 20, ko 22. Ka ɗauka naka 20 ne, aka sayar maka da na 18 don ya fi kyau. Giɓin milimita 2 ɗin nan zai sa madaurin ya riƙa zamewa gefe da gefe, har wata rana ya ja ɗan fil ɗin da ke cikinsa ya kuɓuce. Na 22 kuwa sai an matsa shi da ƙarfi, gefensa ya cinye.

Fata ta fi kowanne kyau da manyan kaya, amma ba ta shiri da ruwa. Ga gumin bazara, ga alwala sau biyar a rana. In ba cire agogon kake yi ba, za ta jiƙe ta bushe, ta yi wari, hunturu ya zo ya ƙarasa tsattsaga ta. Roba ba ruwanta da wannan, wanki kawai take so, sai dai rana da daɗewa kan sa ta yi tauri ta karye. Masu Casio F-91W, mai madaurin milimita 18, sun san wannan karaya. Ƙarfe ya fi su ƙarko in na silba ne marar tsatsa. Mai arahar nan da aka yi wa ruwan gwal yakan koɗe, wasu ma ya sa musu ƙaiƙayi.

Wajen ɗaurawa, kifa agogon a kan ƙyalle mai laushi. Fil ɗin yana da sifirin a ciki, don haka ka danna bakinsa da siririyar sukundireba, zai fito. Idan ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa, canza shi. Ɓarin da ke da ƙugiya yana zama ta wajen ƙarfe 12, dogon kuma ta wajen 6. Sa baki ɗaya na fil a raminsa, danna ɗayan har ka ji ƙas, sannan ka ɗan ja ka tabbatar ya zauna.

Na ƙarfe ana rage masa gaɓoɓi ne, ana tura fil ta inda kibiyar da ke ciki ta nuna, a cire daga kowane ɓangare don maƙullin ya tsaya tsakiya. Idan ƙaramin yatsanka ya shiga tsakanin madauri da hannu ba tare da agogon yana juyawa ba, ya yi daidai. Wanda ba ya son cire agogo wajen alwala, ya haƙura da fata.