Abubuwa Uku Da Za Ka Duba A Takardar Cinikin Fili

Kada ka yarda a rubuta “fili a Hotoro” kawai. A fayyace iyaka: tsawo da faɗi, misali ƙafa 50 da 100, maƙwabtan kusurwa huɗu, da lambobin duwatsun awo.

Kuɗi kuwa a kasa su uku. Filin naira miliyan 6, ka ba da miliyan 1 kafin alƙalami, miliyan 3 bayan an tantance takardu a ofishin filaye, sauran ranar karɓar fili. Kowane biya da rasit da shaidu.

Biya kaɗai ba ya kammala mallaka. A dokar filaye ta 1978, filin birni mai takardar mallaka sai da amincewar gwamna yake komawa sunanka.