Courriel ko mail: wace ce ake rubutawa, kuma ga wa?

Wasiƙar da muke aikawa ta intanet, wadda Bahaushe ke kira imel, sunanta ya kai huɗu a Faransanci: «courriel», «mail», «e-mail» da «mél». Duk wanda ke rubutu da wannan harshe, ɗalibi ne a Yamai ko ma'aikaci a Garwa, ya ci karo da su. Kowanne yana da muhallinsa, kuma abin da ke raba gardama shi ne wanda ake rubuta wa da ƙasar da yake.

A lardin Kebek na Kanada aka ƙirƙiro «courriel» cikin shekarun 1990, ta hanyar haɗa farkon «courrier», wato wasiƙa, da farkon «électronique». Mutanen Kebek suna zaune ne a tsakiyar masu Turanci, shi ya sa suke kaffa-kaffa da harshensu. Tun 1961 suke da hukumar kula da Faransanci, a 1977 kuma suka kafa dokar da ta mai da shi harshen aiki da kasuwanci. Hukumar takan yi hanzarin fitar da kalma kafin ta aro ta zauna a baki. Saboda haka a Montréal «courriel» maganar kowa ce, daga ofis har kasuwa. Haka ma «pourriel», sunan tarkacen saƙonnin talla, da «clavardage», hira ta rubutu a intanet.

Faransa ta makara. Sai a Yunin 2003 jaridar gwamnati ta buga «courriel» a matsayin kalmar hukuma, lokacin da «mail» ta riga ta kama bakin jama'a. Wata doka ta 1996 ta wajabta wa ma'aikatun gwamnati amfani da duk kalmar da aka buga a wannan jarida, amma ba ta hau kan talaka ba. Ita kuwa dokar Toubon ta 1994 tana neman a yi talla, kwangilar aiki da bayanin kaya da Faransanci. Ba ruwanta da hirar mutane. Sakamakon shi ne, ma'aikaci a Paris zai rubuta «courriel» a takardar ofis, ya juya ya ce wa abokin aikinsa ya tura masa «mail».

Mu ɗauki ɗalibar da ke neman gurbin karatu. Idan jami'ar Kebek take rubuta wa, «par courriel» za ta sa, domin a can «mail» kan zama alamar sakaci a takardar neman wani abu. Idan ofishin jakadancin Faransa ne ko wata ma'aikata, nan ma «courriel» ta fi dacewa, tunda ita ce kalmar da su kansu aka ɗora musu. Amma idan ƙawarta ce da ke Lyon, ko wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa, «mail» ta wadatar. «Courriel» a saƙon waya tsakanin ƙawaye sai ta yi kama da takardar hukuma.

A nan akwai kurakurai biyu da ake yawan yi. Na farko shi ne ɗaukar «mél» tamkar cikakkiyar kalma. Hukumomin Faransa sun amince da ita ne kawai a matsayin gajeriyar alama da ake sawa gaban adireshi, a katin aiki ko a ƙasan wasiƙa, kamar yadda «Tél.» ke zuwa gaban lambar waya. Don haka «Mél. :» sannan adireshi daidai ne, amma «envoyer un mél» ya saɓa wa ƙa'idar. Na biyu shi ne rubuta «émail» da ɗigon wasali a kan harafin farko. Wannan wata tsohuwar kalma ce daban, mai nufin farin rufin haƙori ko fentin da ake gasawa a jikin kwano.

Ba kowace sabuwar kalma ke karɓuwa ba, kuma lokacin zuwanta ne kan yanke mata hukunci. «Ordinateur», sunan kwamfuta, malamin jami'a Jacques Perret ne ya ba kamfanin IBM shawararta a 1955, tun na'urar ba ta shiga gidaje ba; yau babu mai neman wata. «Mot-dièse» kuwa, da Faransa ta fitar a 2013 don maye gurbin «hashtag», ta tarar da mutane sun saba, ga shi Kebek ta riga ta zaɓi «mot-clic». Har yanzu ta aron ce ke yawo a bakin Faransawa.

Mai shakka yana iya duba kalma a FranceTerme, rumbun kalmomin hukuma na Faransa, ko a Vitrine linguistique na Kebek. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce duba saƙon da aka aiko maka: kalmar da mai shi ya yi amfani da ita, da ita za ka mayar masa da amsa.